Sashenmu biyu sun ƙi daidaitawa kan farashi, wa ya kamata ya sauko?

Nafisa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya. A kamfanin da nake aikin akanta muna da sashe biyu, kowanne da manajansa da littafin ribarsa. Ɗaya yana ƙera motar fanka, wato injin da ke juya ta, ɗayan yana haɗa fankar ya sayar. Na sauya alƙaluman kaɗan, kuma ban sa sunan kuɗi ba, kowa ya ɗauka da kuɗin da ya saba.

Sashen mota yana iya fitar da 10,000 a wata, amma 7,000 kawai yake sayarwa a waje, kowace a kan 100. Abin da kowace mota ke ci, wato waya da ƙarfe da wuta da ladan aiki da kwali da dako, 60 ne. Akwai kuma 200,000 da sashen ke biya duk wata ko an yi aiki ko ba a yi ba: haya, albashin ma'aikatan dindindin, da ragin darajar injina. Sashen fanka yana son mota 2,000 a wata. Manajan mota ya ce 100, kamar yadda kowa ke saye, ba ragi. Manajan fanka ya samo wani ɗan kasuwa a waje da zai ba shi irinta a 85, ya ce shi can zai tafi. Jibi za a zauna, an ce in zo da lissafi. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kafin in ce komai, tambaya ɗaya: cikin 60 ɗin nan, nawa ne ba za a kashe ba idan motar ba ta bar harabar kamfani ba? Kwali, dako, kamashon masu talla.

Nafisa: Na duba, Malam. Kwali da dako da kamasho sun kama 4. Idan ta cikin gida ce a kan keken turawa ake kai ta, ko kwali ba a sa mata.

Malam Habu: To 56 ke nan ainihin abin da kamfani zai fitar daga aljihunsa kan kowace mota da aka yi wa sashen fanka. Ki manta da manajojin nan biyu tukuna, ki tsaya a matsayin mai kamfanin. Idan aka yi a gida, 2,000 sau 56, an kashe 112,000. Idan aka sayo a waje, 2,000 sau 85, an kashe 170,000. Bambanci 58,000 duk wata, kuma kuɗi ne na gaske da zai fita ta ƙofa ya tafi wurin wani, alhali injinanku suna zaune. Wannan shi ne layin farko da za ki rubuta a takardarki.

Amsar tambayarki kuwa, manajan fanka bai yi laifi ba da ya ƙi 100, tunda ga 85. Manajan mota shi ne bai yi lissafin kansa ba. Motoci 2,000 ɗin nan ba wanda ke jiran su a waje. Idan ya ƙi sayarwa a gida ba 100 zai samu ba, sifili zai samu. Duk farashin da ya haura 56 ƙari ne a ribar sashensa.

Garba Odita: Malam, ban yarda da 56 ba. Haya fa? Albashi fa? Injin da ke cinyewa fa? Sai ka ce motar daga sama ta faɗo. A raba 200,000 a kan abin da ake yi, a ɗora a kan 60, shi ne cikakken kuɗin mota. Wanda ya sayar ƙasa da cikakken kuɗi ya faɗi, ko a gida ko a waje. Shekara goma sha biyu ina duba littattafai, ban taɓa ganin kamfanin da ya rayu da mantawa da haya ba.

Malam Habu: Garba, rabin maganarka gaskiya ce, kamfanin da bai maida kuɗin hayarsa ba zai rufe. Amma a raba 200,000 ɗin a kan guda nawa? Idan a kan 7,000 da ake yi yanzu ne, kowace ta ɗauki kusan 28.6, cikakken kuɗi ya zama 88.6. Ya haura 85, manajan fanka ya tafi waje, kamfani ya yi asarar 58,000, kuma hayar tana nan, ba ta ragu da ko ɗaya ba. Idan a kan 9,000 ne, wato an haɗa da odar gida, ta ɗauki 22.2, ya zama 82.2. Idan a kan 10,000 ne, 80 cif. Mota ɗaya, injin ɗaya, farashi uku. Lambar da take sauyawa gwargwadon wanda ya riƙe kalkuleta ba ita za a yanke hukunci da ita ba.

Tambayar da nake wa kowane kuɗi ita ce: idan aka karɓi odar nan zai ƙaru, idan aka ƙi zai ragu? Haya ba ta motsi ta kowane ɓangare. Saboda haka ba ta da baki a zaman jibi.

Garba Odita: Na ji ta wannan oda ɗin. Amma idan aka saba, kowace shekara ana ba su a 56, ranar da injin ya mutu da me za a sayi sabo?

Malam Habu: Ban ce a ba su a 56 ba. Na ce 56 shi ne ƙasa, 85 shi ne sama. Tambayarka ta dogon zango ce, kuma tana da nauyi, za mu dawo kanta.

Ɗan Auta: Ni fa ina ganin ku yi hattara da hukumar haraji. A darasin da muka yi an ce farashin da ke tsakanin kamfanoni 'yan uwa dole ya zama daidai da wanda baƙi biyu za su yi ciniki a kai. Ƙa'idojin ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, OECD, ke nan, waɗanda suka fito a 1995, aka sake sabunta su a 2022. In kuka sa 56 alhali kasuwa 100 ce, ba za su ce kun ɓoye riba ba?

Hajiya Rabi: Ɗan Auta, ka karanta da kyau amma ka shiga wani ɗakin. Wancan yana aiki ne idan kamfanoni biyu ne daban masu rajista daban, musamman in suna ƙasashe biyu da harajinsu ya bambanta, inda za a iya tura riba inda haraji ya fi sauƙi. Nafisa, naku kamfani ɗaya ne ko biyu?

Nafisa: Ɗaya ne, Hajiya. Rajista ɗaya, takardar haraji ɗaya. Katanga ce kawai tsakaninsu.

Hajiya Rabi: To babu ruwan mai haraji, ribar da yake gani dunƙulalliya ce. Ɗan Auta ka ajiye wannan ilimin, ranarsa na zuwa.

Nafisa, ga abin da zan ƙara a kan na Malam. Tsakanin 56 da 85 akwai 29 a kowace mota, shi ne 58,000 ɗin. Duk inda aka tsayar da farashi a tsakanin nan, rabon wannan kuɗin kawai ake yi. A sa 70: sashen mota ya ci 14 sau 2,000, wato 28,000; sashen fanka ya tsira da 15 sau 2,000 idan aka gwada da sayen waje, wato 30,000. Haɗa su, 58,000. A sa 80: mota 48,000, fanka 10,000. Haɗa su, 58,000 dai. Ki yi musu wannan a allo, farashi uku ko huɗu, su ga jimillar ƙasa ba ta motsi. Na taɓa yin haka a wani zama, shugaban ya kalli allon ya ce ashe wata uku muna faɗa a kan wane aljihu za a sa kuɗin.

Sadik: In haka ne ai magana ta ƙare. Daga aljihun dama zuwa na hagu ne. Shugaban kamfani ya buga tebur ya ce 80, kowa ya koma bakin aiki. Me ya sa ake wahalar da kai?

Malam Habu: A nan ne mutane da yawa ke zamewa, Sadik. Jimillar ba ta motsi ne muddin adadin kayan da ke wucewa bai sauya ba. Amma farashin da ka sa shi ke gaya wa manajan fanka nawa mota take, da shi kuma yake yanke shawarar wace oda zai karɓa. Nafisa, nawa ake sayar da fanka, kuma nawa sauran kayanta ke ci ban da mota?

Nafisa: Ana sayarwa 150. Fuka-fukai da ƙafa da waya da haɗawa da kwali, 60.

Malam Habu: Madalla. To a ce an buga tebur an ce 80. Wata mai zuwa wani babban mai saye ya zo ya ce yana son fanka 500 amma a 135 zai biya, kuma cinikin ba zai taɓa sauran kasuwarku ba. Manajan fanka zai zauna ya yi lissafi: 135, a cire 60, a cire 80 na mota, saura asarar 5 a kowace. Zai ce Allah ya ba da sa'a, ba ma yi. Kuma a littafinsa daidai ya yi. Amma kamfani fa? 135, a cire 60, a cire 56, saura ribar 19. Sau 500, 9,500 ke nan ta wuce, kuma akwai sararin mota 1,000 da ya rage bayan odar farko. Babu wanda zai ga wannan asarar a kowane rahoto, domin cinikin da ba a yi ba ba ya shiga littafi. Shi ya sa nake tsoronta fiye da ta 58,000, wadda aƙalla ana iya nuna ta da yatsa.

Abin da ya faru shi ne, kuɗin haya da ribar sashen mota, da zarar sun tsallake katangar nan, sai su rikiɗe a idon manajan fanka su zama kuɗin da ke bin kowace fanka. Shi bai san 24 daga cikin 80 ɗin ba ya fita daga kamfani ba. Tun 1956 masanin tattalin arziki Jack Hirshleifer ya nuna cewa in babu cinikin waje da ake sadaukarwa, farashin da ke sa sashen da ke saye ya yanke shawara daidai shi ne kuɗin ƙera guda ɗaya na ƙari. Ba sabuwar magana ba ce.

Sadik: To a buga tebur a ce 56 mana.

Hajiya Rabi: Sai manajan mota ya yi maka aikin 2,000 a banza, ribar sashensa ba ta ƙaru da komai ba, alhali da ita ake auna shi a ƙarshen shekara? Zai karɓa da baki, amma odar gida ita ce za ta riƙa zama ta ƙarshe a layi. Yau babu waya, gobe injin na gyara. An gudu gara an faɗa zago.

Injiniya Bala: Ku ba ni dama, ni ba akanta ba ne, a wajen injina nake. Duk lissafin nan ya tsaya a kan cewa akwai sararin 3,000. Wa ya faɗa? Lambar 10,000 galibi daga takardar da ta zo da injin ake kwafo ta. A wata masana'anta da na yi aiki, a takarda muna da sarari sosai. Injin matse ƙarfe rabin yini yake aiki, har an rufe ɗaya da tamfol, ƙura ta yi masa kauri sai ka rubuta sunanka a kai. Amma injin naɗa waya guda biyu ne kacal, kuma kowace mota sai ta bi ta kansu. Da aka karɓi odar gida sai ga motoci jere a kan benci ba waya, aka koma aikin dare da ranar hutu da ƙarin lada. Kuɗin da aka ce kowace za ta ci ya tashi, odar wani mai saye na waje ta makara, ya janye. Akantoci suka ce mu ne ba mu iya aiki ba.

Saboda haka, ƙanwata, kafin jibi ki je da ƙafarki. Kada ki tambayi manaja, ki tambayi mai kula da layin. Wane inji ne kaya ke taruwa a gabansa? Awa nawa yake aiki a mako? An biya kuɗin ƙarin lokaci a watanni shidan da suka wuce? An taɓa mayar da odar waje don rashin lokaci? In ana biyan ƙarin lokaci, ko ana mayar da oda, sararin nan a takarda kawai yake. Ki kuma duba wata-wata, kada ki ɗauki matsakaicin shekara. Fanka da motarta lokacin zafi ake rububinsu tare, wato watan da sashen fanka ya fi buƙata shi ne watan da sashen mota ya fi cika.

Nafisa: Injiniya, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. 7,000 ɗin matsakaici ne. Kuma manajan fanka ya ce in kasuwa ta buɗe zai so 4,000, ba 2,000 ba.

Malam Habu: Bala ya fi ni gaskiya a nan, na karɓi lambar ban tambaya ba. To mu yi na 4,000, mu ɗauka sararin 3,000 na gaske ne. Dubu ukun farko 56 ne kamar da. Dubu ta huɗu kuwa sai an hana wani mai saye na waje, wanda ke biyan 100 a kan abin da ya ci 60, wato an bar 40 a kowace, 40,000 gaba ɗaya. In dole ne a ɗauki 4,000 duka a gida ko a bari duka, to mafi ƙarancin farashi ya zama 56 da 40,000 a raba 4,000, wato 66. Har yanzu yana ƙasa da 85, a yi a gida.

Amma ki lura, wannan 66 matsakaici ne, yana ɓoye wani abu. Kowace mota a dubun ƙarshe tana tsaya wa kamfani a 56 da 40, wato 96, alhali ga ta a waje a 85. Ga yadda hanyoyin uku suke: duka a waje 340,000, duka a gida 224,000 da 40,000 da aka rasa, 264,000, a yi 3,000 a gida a sayo 1,000 a waje, 168,000 da 85,000, wato 253,000. Rabawar ta fi da 11,000.

Garba Odita: In ɗan kasuwar ya yarda ya ba da 1,000 kawai a 85 ɗin. Wataƙila farashin na mai ɗaukar da yawa ne. Kuma ni 85 ɗin nan ma ban gama yarda da shi ba. Na sha ganin farashin shiga kasuwa, wata shida a ja ka, in ka saki layinka na gida sai a ɗaga. A nemi takarda a rubuce da tsawon lokacin da farashin zai tsaya, a kuma gwada motar tasa.

Hajiya Rabi: Wannan kam gaskiyarka ce, Garba. Tambayarka ta injin da zai mutu kuma, ga yadda na ga an warware ta a inda nake. An raba farashin gida biyu. Kowace guda ana miƙa ta a kuɗin da ta ci, a nan 56. Sannan sashen da ke saye yana biyan dunƙulen kuɗi duk wata, a ce 28,000, a matsayin kuɗin ajiye masa gurbin mota har 3,000 a layi, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Manajan mota ya samu abin nunawa da abin tara wa inji. Manajan fanka kuma in odar 135 ta zo, 56 zai gani, domin dunƙulen ya riga ya fita, sai ya karɓa. Sharaɗi ɗaya: 56 ɗin ya zama wanda aka tsayar tun farkon shekara, ba abin da aka kashe a zahiri ba. In ba haka ba duk wayar da suka lalata da duk motar da ta ƙone a gwaji sashen fanka ne zai biya, su kuwa ba abin da zai sa su gyara.

Sadik: Ni na ji wasu na rubuta wa mai sayarwa farashin kasuwa, mai saye kuma a rubuta masa 56, hedkwata ta share bambancin. Kowa ya yi murna.

Hajiya Rabi: Ana yi. Sai dai in ka haɗa ribar sassan biyu ta fi ta kamfani, a nan da 44 sau 2,000, wato 88,000 da babu ita a ko'ina. In ana biyan manajoji lada a kan wannan ribar, kuɗin gaske ake biya a kan ribar takarda. Ni ba na so.

Injiniya Bala: Hajiya, dunƙulen naki ma yana da ƙaya. In an ajiye wa fanka gurbin 3,000, sai zafi ya zo masu saye na waje suka yi layi da 100 a hannu, manajan mota zai zauna yana kallo saboda 28,000?

Hajiya Rabi: Ba zai so ba, kuma a watan nan kamfanin ma bai kamata ya so ba, tunda 96 ya fi 85. Sai a rubuta a yarjejeniyar cewa gurbin yana raguwa a watannin da layi ya cika, ko a yi musu motocinsu tun lokacin da aiki ya yi sanyi a ajiye a sito.

Garba Odita: Ajiyar ma kuɗi ce, jari ne a kwance. Kuma in an miƙa su da riba a kai suna zaune a sito a ƙarshen shekara, sai na cire ribar nan daga littafin kamfani, domin ba a sayar wa kowa ba tukuna. Kada wani ya zo yana min gardama a lokacin.

Malam Habu: Ni da Hajiya mun ɗan saba a nan. Dunƙulen yana da kyau a takarda, amma faɗan da ake yi a kan 70 ko 80 zai koma kan 28,000 ko 40,000 ne kawai. Ga oda ƙarama irin wannan ni zan bar manajojin biyu su yi cinikinsu, bayan an nuna musu 56 da 85 a allo, da sharaɗin duk odar da sashen fanka zai mayar sai ta biyo ta teburin Nafisa an auna ta da 56.

Hajiya Rabi: Sai teburin nata ya zama kotu, Malam. Kuma wanda ya fi iya baki a cikinsu shi zai kwashe 29 ɗin, a ƙarshen shekara a ce shi ne gwani.

Nafisa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na leƙa layin da yamman nan kamar yadda Injiniya ya ce. Injin naɗa waya uku ne, ɗaya a kashe, mai kula da su ya ce wata takwas a shekara haka yake, sauran huɗun kuwa duka ukun ba sa hutawa har da aikin dare. Don haka zan kai lissafi biyu, na watanni takwas da ke farawa daga 56, da na watanni huɗu da ke farawa daga 96. Na kuma aika wa ɗan kasuwar saƙo ina tambaya ko 85 ɗin zai tsaya in watanni huɗu kawai za mu saya a wurinsa. Bai amsa ba tukuna.

Injiniya Bala: Watanni huɗun nan shi ma layinsa a cike yake. In ya amsa ki sanar da mu nawa ya ce.